Makonni Biyun Ƙarshe Kafin Gudun Famfalaki: Me Ake Ragewa, Me Ake Bari?

Duk wanda ya saba fita da asuba a birnin Katsina cikin watan Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, hazo ya rufe fitilun hanya, zai riƙa cin karo da wasu 'yan tsirarun mutane suna gudu a gefen kwalta, wasu ta wajen Ƙofar Ƙaura, wasu a kan hanyar Dutsinma, wasu kuma a kewayen filin wasa na Muhammadu Dikko da aka fi sani da Karkanda. Galibinsu motsa jiki kawai suke yi. Amma akan sami wanda idonsa ke kan gasar gudun famfalaki ta birnin Ikko, wadda aka soma a shekarar 2016, ake kuma yin ta ranar Asabar a cikin watan Fabrairu, a shekarun baya kuma akan tashi daga babban filin wasa na Surulere zuwa Eko Atlantic da ke bakin teku. Tsawon wannan gudu kilomita 42 ne da mita 195, wato kusan rabin hanyar Katsina zuwa Daura, ko kuma zagaye 105 da rabi na fagen tsere mai mita 400.

Mutumin da ke da irin wannan niyya yakan shafe wata uku ko huɗu yana atisaye, kowane mako yana ƙara nisan da yake gudu. To amma idan ya rage saura mako biyu a yi gasar, sai masana kimiyyar motsa jiki su ce masa ya rage. Nan ne ake yin ta, domin mutumin da ya jure tashin asuba cikin sanyi na wata da watanni sau da yawa ba ya iya jure a ce masa ya koma gida bayan minti ashirin. Yana tsoron kada ƙarfin da ya tara ya zube, ga shi kuma jikinsa ya hana shi sakat. Wannan maƙala za ta duba abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam cikin waɗannan kwanaki goma sha huɗu, da yadda ake tsara su. Za mu riƙa kiran wannan tsari da sunan sassautawa.

Abubuwa biyu da atisaye ke bari a jiki

A shekarar 1975 wani masani mai suna Eric Banister, da ke Jami'ar Simon Fraser a ƙasar Kanada, tare da abokan aikinsa, suka kawo wani bayani mai sauƙin fahimta wanda har yau ake amfani da shi. A ganinsu, duk gudun da mutum ya yi yana barin abu biyu a jikinsa, wato ƙarko da gajiya. Abin da mutum zai iya yi a kowace rana shi ne abin da ya rage idan aka ɗebe gajiya daga ƙarko. Muhimmin abin lura shi ne, su biyun ba sa gushewa tare. Gajiya tana saurin zuwa, tana kuma saurin tafiya cikin 'yan kwanaki, shi kuwa ƙarko a hankali yake taruwa, a hankali kuma yake zagwanyewa.

Ke nan mai gudun da ke tsakiyar atisaye mai tsanani yana kama da ɗan kasuwar da ke da dukiya mai yawa amma bashi ya yi masa katutu. Dukiyar tana nan, sai dai ba ya iya taɓa ta. Ita kuwa gajiyar da ake magana ba kasala ce kawai ba, abu ne da ake iya aunawa. Akwai ƙananan yagewa a zaren tsokokin cinya da sha-raɓa waɗanda ba su gama warkewa ba. Akwai kuma ƙarancin wani sinadari mai suna gilaikojin, wanda shi ne siffar da jiki ke ajiye sukari da ita a cikin tsoka da hanta, domin mai gudu kullum yana ƙona shi kafin rumbun ya sake cika. Idan aka rage aiki, tsokar takan ɗinke, rumbun ya cika, gajiyar ta kwaranye, alhali ƙarkon bai yi wani motsi ba.

Sannan akwai wata hujja da ta kamata ta kwantar wa mai gudu da hankali. Amfanin gudu mai tsanani ba ya bayyana washegari, yakan ɗauki kwana goma ko fiye kafin jiki ya mai da wahalar ta zama ƙarfi. Saboda haka dogon gudun da aka yi saura kwana biyar a shiga gasa, gajiyarsa za ta riski mutum a fagen tsere, amfaninsa kuwa sai bayan an watse. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Nawa ake samu daga sassautawa? Wasu masana biyu na ƙasar Sifen, Iñigo Mujika da Sabino Padilla, sun tattara binciken da aka yi a kan 'yan gudu da 'yan ninƙaya da masu tseren keke, suka bayyana a shekarar 2003 cewa galibi akan sami ƙarin ƙwazo na kimanin kashi 3 cikin 100. Mai karatu zai iya raina wannan adadi. Amma ga wanda ke gama gudun famfalaki cikin awa uku da rabi, kashi 3 cikin 100 ya haura minti shida, wato ratar fiye da kilomita guda tsakaninsa da kansa da bai huta ba.

Nisa, yawan fita, da sauri

Idan hutu ke kawo ƙarfi, me zai hana mutum ya kwanta kawai har ranar gasa? Wannan tambaya tana da amsa. Edward Coyle da abokan aikinsa a Amurka sun sa ƙwararrun 'yan wasa sun daina atisaye ɗungurungum, suka ga a binciken da suka buga a 1984 cewa cikin mako uku yawan iskar oksijin da jiki ke iya sarrafawa ya ragu da kimanin kashi 7 cikin 100. Bayan shekara biyu suka nuna babban dalilin haka, wato raguwar ruwan jini. Jikin mai gudu yana riƙe da ruwan jini fiye da na wanda ba ya gudu, da zarar ya daina kuma sai jiki ya soma zubar da rarar. Idan jini ya ragu, abin da zuciya ke turawa a kowane bugu sai ya ragu, dole ta ƙara yawan bugu kafin ta yi aikin da ta saba. Tsoron mai gudu ke nan yana da tushe, sai dai zaman dirshan ne ke jawo asarar, ba ragewa ba.

To me ya kamata a rage? Atisaye yana da ma'auni uku: nisan da ake gudu, da yawan kwanakin da ake fita, da saurin da ake yi. Robert Hickson na Jami'ar Illinois da ke Chicago ya gwada kowannensu shi kaɗai a farkon shekarun 1980. Ya sa mutane sun yi atisaye na minti 40 a rana, kwana shida a mako, har mako goma, sannan ya rage musu abu guda na tsawon mako goma sha biyar. Waɗanda aka rage wa kwanakin fita zuwa huɗu, har ma biyu, ba su yi asarar ƙarfin sarrafa oksijin ba. Waɗanda aka rage wa tsawon lokaci zuwa minti 26 ko 13 su ma sun riƙe shi, illa dai 'yan minti 13 sun ɗan rasa juriyar dogon zango. Amma waɗanda aka rage wa tsananin aikin, suna fita kullum suna kuma cika mintinsu 40, su ne suka yi asara.

A shekarar 1992 aka ga irin haka a Jami'ar McMaster ta Kanada, inda aka gwada wa 'yan gudu tara hanyoyi uku na sassautawa, kowace ta mako guda: hutu zalla, ko sassarfa a hankali, ko kuwa 'yan gajerun gudu masu sauri da ake rage yawansu kowace rana. Hanya ta uku, duk da cewa nisan da aka gudu a cikinta ya fi ƙanƙanta ƙwarai in an gwada da sassarfa, ita ce ta tsawaita lokacin da suka iya jure gudun gwaji da kashi 22 cikin 100, hutu zalla kuwa bai ƙara musu komai ba. Ya kamata a faɗa cewa gwajin nasu na gajeren zango ne, kuma mutum tara ba su da yawa, don haka ba za a ɗauki wannan adadi a ɗora wa gudun famfalaki ba. Abin da za a ɗauka shi ne alƙiblar da ya nuna.

Daga baya, a shekarar 2007, Laurent Bosquet da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 27 wuri guda. Abin da ya fito shi ne, tsarin da ya fi ba da amfani shi ne na kimanin mako biyu, a rage nisa da kashi 41 zuwa 60 cikin 100 sannu a hankali, ba tare da an taɓa sauri ko yawan kwanakin fita ba. A taƙaice, mai gudu zai ci gaba da tashi a lokacin da ya saba, ya yi gudu da saurin da ya saba, amma ya dawo gida da wuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne akasin haka: mutum ya bar nisan yadda yake, ya koma jan ƙafa, yana ganin ya huta.

Malamin da ke shirin zuwa Ikko

Bari mu ƙaddara wani malamin makarantar sakandare a cikin Katsina, mai nauyin kilo 60, wanda ke gudun kilomita 70 a mako, kwana shida, yana hutawa ranar Juma'a. Burinsa ya riƙa cin kowace kilomita cikin minti biyar ranar gasa, abin da zai kai shi ƙarshe cikin awa uku da minti 31. A makon da ya saba, yakan yi dogon gudu ranar Asabar, ranar Talata kuma ya yi gudun sauri, wato kilomita guda sau shida, kowace cikin minti 4 da daƙiƙa 20, yana ɗan sassarfa a tsakani.

Gudunsa mafi tsawo, na kilomita 32, ya kamata ya kasance ya yi shi tun saura mako uku. Ranar Asabar da ta kama saura kwana goma sha huɗu sai ya yi kilomita 22, daga nan kuma an rufe babin dogon gudu. Ko da a ce rashin lafiya ko aikin jarrabawa ya sa ya tsallake wani dogon gudu a baya, ba a rama shi yanzu.

A makon farko na sassautawa zai sauko zuwa kilomita 45. Lahadi da Litinin da Laraba gudu ne na hankali, kilomita biyar, shida, biyar. Ranar Talata zai yi gudun saurinsa kamar kullum, minti 4 da daƙiƙa 20 ɗin nan dai, sai dai sau huɗu maimakon shida, wanda in an haɗa da ɗumama jiki da hucewa zai kama kilomita takwas. Ranar Alhamis kilomita bakwai, huɗu daga ciki da saurin gasa. Ranar Asabar, saura mako guda, kilomita 14. A nan akwai tarko. Wajen ƙarshen wannan mako ƙafa takan soma sauƙi, mutum ya ga zai iya cin kilomitar Talata cikin minti huɗu cif. Kada ya yi. An ce a riƙe sauri, ba a ce a ƙara ba, kuma tsokar da ta saba da wani sauri tana iya tsinkewa idan aka zarce da ita.

Mako na biyu jimlarsa kilomita 23 ce kafin gasa. Lahadi huɗu. Litinin shida, uku daga ciki da saurin gasa, domin ƙafa ta haddace yadda minti biyar yake ba sai an dubi agogo ba. Talata ita ce rana ta ƙarshe ta gudun sauri: mita 800 sau uku, wato zagaye bibbiyu na fagen tsere, kowane cikin kimanin minti uku da rabi, in an haɗa da ɗumama jiki da hucewa kilomita shida. Laraba ranar tafiya ce, babu gudu. Alhamis kilomita huɗu a Ikko, Juma'a kuma uku, da 'yan zabura huɗu na mita ɗari-ɗari don warware ƙafa. Idan aka haɗa makonnin biyu za a sami kilomita 68 a maimakon 140 da ya saba, wato an rage kusan rabi, ga shi kuma kwana ɗaya tak ya rasa daga kwanakin fitarsa.

Wannan tsari ba wahayi ba ne. Wanda ke gudun kilomita 40 a mako bai tara gajiyar mai 100 ba, ba ya kuma bukatar ragi mai zurfi kamarsa. Wanda ya haura shekara arba'in, ko ya shiga watan ƙarshe a galabaice, zai fi amfana da mako uku. Hasali ma, wani nazari da Barry Smyth da Aonghus Lawlor na Dublin suka buga a 2021, bisa bayanan atisayen masu gudun famfalaki fiye da 158,000 da ke amfani da manhajar Strava, ya nuna cewa waɗanda suka yi sassautawa ta mako uku ba tare da sun karya ta ba sun fi waɗanda suka yi 'yar kaɗan da kimanin minti biyar da rabi. Nazarin ya kuma gano cewa mafi yawan mutane ba sa bin tsarin sau da ƙafa, sukan rage a wannan mako su ƙara a na gaba. Me ke sa su haka?

Jikin da ya ƙi zama

Abin da ke sa su shi ne rashin sukuni. Malaminmu da ya saba ƙona ƙarfi na awa guda ko fiye kowace safiya, yanzu yana dawowa gida tun ana karatun asuba a makarantun allo. Barci yakan yi masa wuya, ransa yakan yi saurin ɓaci, ɗalibansa ma za su lura. An daɗe da sanin cewa wanda ya saba motsa jiki kullum, in aka hana shi na 'yan kwanaki, yanayin ransa yakan sauya. Ga kuma fargabar gasa a kai. Wannan ne dalili na biyu da ya sa ba a son taɓa yawan kwanakin fita: minti ashirin na gudu a lokacin da aka saba yana kwantar da rai fiye da duk wata nasiha.

Alama ta farko da ke tsorata mutane ita ce nauyin ƙafa, da ƙarin nauyin jiki. Malamin zai hau sikeli ya ga ya ƙaru da kilo guda ko ma fiye, sai ya ce ƙiba ta kama shi. Ba ƙiba ba ce. Kowane giram na gilaikojin da tsoka ta ajiye yana tafiya da kimanin giram uku na ruwa, don haka ƙarin giram 300 a rumbu yana nufin fiye da kilo guda a sikeli. Nauyin nan shi ne guzurin da ake nema, kuma zai ƙare a hanya. Wanda ya rage cin abinci saboda wannan ya zubar da ribar hutunsa.

Alama ta biyu ita ce ciwace-ciwacen da ba a san inda suka fito ba. Yau gwiwa, gobe agara, jibi ƙugu. Galibinsu hankali ne da ya sami sarari ya koma sauraren jiki. Ana iya bambance su da rauni na gaskiya. Ciwon fargaba yana yawo, kuma yakan ɓace bayan minti goma da soma gudu. Rauni kuwa yana zaune wuri guda da za a iya nunawa da ɗan yatsa, yana ƙaruwa in ana gudu, yana sa ɗingishi, ko ya zo da kumburi. Idan ciwon a kan ƙashi yake, kamar ƙashin ƙauri ko tafin ƙafa, kuma tsalle da ƙafar ɗaya yana tayar da shi, to ana iya zargin tsagewar ƙashi, wannan kuwa maganar asibiti ce, ba ta ƙwayar kashe zafi ba.

Akwai wata hanya mai arha ta sa ido a kan jiki, wadda malamin kimiyya ma zai iya koya wa ɗalibansa a aji. Kowace safiya kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun jini na minti guda, a rubuta. A lokacin sassautawa adadin yakan tsaya inda yake ko ya ɗan sauka. Idan ya haura abin da aka saba da bugu bakwai ko goma kwana biyu a jere, to wani abu na tafe, ko mura ko zazzaɓi ko rashin barci. Mura ta hunturu da ta tsaya a hanci ba ta hana gudu na hankali. Amma zazzaɓi, ko tari da ya sauka ƙirji, yana nufin a tsaya cik, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Gudu da zazzaɓi a jiki yana iya taɓa zuciya, kuma wanda zazzaɓi ya kwantar a makon gasa, abin da ya fi masa shi ne ya haƙura sai baɗi. A ranar da ƙura ta yi kauri har ba a hango hasumiyar Gobarau daga nesa, barin gudun wannan rana ya fi yin sa, domin asarar kilomita biyar ba ta rage komai.

A ganina, babban haɗarin waɗannan kwanaki ba ya cikin gudu, yana cikin abin da ake cike gurbinsa da shi. Mutum ya ji ƙarfi na yi masa yawa, sai ya shiga ƙwallon yamma da samarin unguwa, ko ya ce bari ya taya magina ɗaukar bulo, ko ya yini a tsaye a Babbar Kasuwa. Tsokar da ta saba da gudu ba ta saba da waɗannan ba, ciwon da sabon aiki ke sawa kuma yakan kai ƙololuwa bayan kwana biyu, ya ɗauki kusan mako kafin ya saki. Sai kuma gudun gwaji, wato mutum ya ce bari ya taɓa kilomita 25 ya gani ko ƙarfin na nan. Yana nan, amma gwajin ne zai cinye shi. Wanda shakka ta dama ya buɗe littafin da yake rubuta atisayensa ya karanta abin da ya yi a watanni ukun da suka wuce. Ana iya tuna masa kuma da Abebe Bikila na ƙasar Habasha, wanda aka yi wa tiyatar cire ƙaramar hanji, wato afendis, ƙasa da mako shida kafin gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, ya kuma ci gudun famfalaki cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, lokacin da ba a taɓa yin irinsa ba a duniya a wancan zamani. Ba wanda zai ce tiyata dabarar atisaye ce, amma labarin ya nuna irin daɗewar da ƙarko ke yi a jiki.

Lokacin da ya rarar sai a ba shi aikin da ba ya cin ƙafa: barci da wuri, yanke farce tun saura mako, wanke takalmin da aka saba da shi, tanadin safa da rigar da aka taɓa yin dogon gudu da su, da rubuta lokacin da ake son isa kowace kilomita biyar. Sabon takalmi ba ya shiga gasa, komai kyansa.

Daga hunturu zuwa bakin teku

Akwai matsala guda da ta keɓanci mutumin Katsina, wadda littattafan Turai ba su cika kula da ita ba. Ya yi atisayensa a asubahin hunturu, cikin sanyin da kan sauka ƙasa da digiri 15, a busasshiyar iskar da ke shanye gumi tun bai sauko ba. A Ikko kuwa zai tashi ya tarar da digiri 25 ko fiye tun da sassafe, ga iska jiƙe da danshin teku. Gumi yana sanyaya jiki ne idan ya bushe, in kuwa iska ta riga ta ƙoshi da ruwa sai ya yi ta ɗiga a banza, zafin jiki ya hau, zuciya ta ƙara bugu. Jiki yana iya sabawa da zafi, ya ƙara ruwan jini ya kuma soma gumi da wuri, amma hakan na bukatar kwana bakwai zuwa goma sha huɗu, wanda ya yi daidai da tsawon sassautawa.

Saboda haka yana da kyau malaminmu ya mayar da gudunsa na hankali, ba na sauri ba, zuwa bayan la'asar lokacin da gari ke da ɗumi, ya kuma ƙara riga mai dogon hannu, ya sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Wannan sauyi ne ga al'adarsa ta asuba, don haka kwana uku a mako ya isa, kuma ya daina saura kwana uku ko huɗu, domin zafi shi ma aiki ne a kan jiki. In ya ji jiri ko ciwon kai ya tsaya nan take. Duk da haka ba zai zama ɗan Ikko ba. Hikima ita ce ya yarda tun daga gida cewa minti biyar na Katsina na iya zama minti biyar da daƙiƙa goma ko sha biyar a titunan Ikko, ya kuma soma gasar da wannan lissafi.

Tafiyar kanta ta haura kilomita dubu, kuma zaman mota na yini guda ko fiye yana kumbura ƙafa ya sandarar da ƙugu. Shi ya sa muka sa ta ranar Laraba. Wanda ya sauka daga mota daren Juma'a ya ɓata rabin abin da ya tara. A duk inda aka tsaya salla ko shan mai, ya sauka ya taka na 'yan mintuna.

Saura maganar abinci. Gudu yana cin kimanin kalori guda ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita, don haka malaminmu zai ƙona wajen kalori 2,500, alhali gilaikojin da jiki ke ajiyewa a al'ada bai cika wuce na kalori 2,000 ba. Wannan giɓi ne ke sa mutane su ji ƙafa ta mutu a wajen kilomita 30 ko 32. Tun a shekarun 1960 masanan ƙasar Suwidin, Jonas Bergström da Eric Hultman, suka nuna cewa ana iya faɗaɗa rumbun da abinci mai sitaci. A da akan ce sai an fara yunwatar da tsoka na kwana uku, amma bincike na baya ya nuna ba a bukatar wannan wahala. Abin da ake so shi ne, a kwana biyun ƙarshe mutum ya ci kimanin giram 10 na sitaci da sukari ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato giram 600 ga malaminmu. Rabin kilo na ɗanyar shinkafa, in an dafa, yana ba da kusan giram 400, sauran sai a cike da burodi da koko mai sukari da ayaba da dabino. Ba ƙara yawan komai ake yi ba, musanya ake yi: a rage mai da nama da yaji, a ajiye wake da zogale da rama saboda kada su tayar da ciki, a raba abincin sau biyar ko shida. Babban cin ya kasance da rana ranar Juma'a, na dare kuma ya zama marar nauyi, kuma kada a gwada abincin da ciki bai sani ba don kawai an zo baƙon gari.

Ya kamata mai shiri ya dubi kalanda tun da wuri. Watan azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, a 2025 ya kama a farkon Maris, ke nan a shekarun da ke biye yana ratsa Fabrairu da Janairu. Idan sassautawa ta faɗo cikinsa, gajerun gudun suna yiwuwa bayan buɗa baki, amma gudun kilomita 42 cikin danshin Ikko ba tare da shan ruwa ba haɗari ne ga rai, kuma hukuncin matafiyi tambaya ce da ake kai wa malaman addini kafin a sayi tikitin mota.

Ga ɗalibai kuwa, gudun famfalaki ba na wanda bai kai shekara 18 ba ne. Amma malamin wasanni da ke shirya yara don tseren mita 1,500 ko 3,000 a gasar gidaje ta makaranta zai iya amfani da wannan ƙa'ida a taƙaice. Yara ba su tara gajiyar wata huɗu ba, don haka kwana biyar zuwa bakwai ya wadatar: su ci gaba da fitowa fili, a raba yawan zagayen biyu, a bar saurin yadda yake, gudu mai tsanani na ƙarshe kuma ya kasance saura kwana uku ko huɗu a yi gasar.